Idan Kaya Suka Dawo: Yadda Ake Daidaita Sito da Littafin Kuɗi

Kayan da kwastoma ya dawo da su suna taɓa wuri biyu a lokaci guda. Akwai kayan su kansu, waɗanda za su koma sito, akwai kuma kuɗinsu, wanda za a rage daga ciniki. Yawancin rikicin da ake gani a ƙarshen wata daga nan yake tasowa: an rubuta ɗaya an bar ɗaya, ko kuma an rubuta duka biyun amma da farashin da bai dace ba. Mai kula da sito ya ce kayansa sun cika, akanta ya ce littafinsa daidai yake, amma in aka haɗa lissafin biyun sai a ga ba su zo ɗaya ba.

Ƙa'idar da za mu bi daga farko har ƙarshe guda ɗaya ce. Duk kayan da suka dawo a ɗaure su da takardar cinikin da suka fita da ita, wato inbois na asali. A kan farashin da ke jikinta ake rage wa kwastoma bashi, kuma a kan kuɗin sarin da aka fitar da kayan a ranar ake mayar da su sito. Farashin yau ba shi da hurumi a nan.

Ga misalin da za mu riƙe. Alkaluman na koyarwa ne, a sa musu sunan kowane irin kuɗi. Wani dila ya sayar wa mai shago fitila mai caji guda 40. Farashin kowace 500 ne, aka yi masa ragin kashi 10 cikin ɗari, ta koma 450. Jimillar ciniki 18,000. A ɗauka harajin ciniki, irin wanda ake kira VAT, kashi 10 cikin ɗari ne, wato 1,800, don haka takardar cinikin ta tashi 19,800. A ranar da kayan suka fita, kowace fitila tana zaune a littafin sito a kan 300. Bayan 'yan makonni mai shagon ya dawo da guda 10. Kafin nan kaya sun yi tsada: dila yana sayar da fitilar 550 yanzu, sabon sarinsa kuma ya ɗaga matsakaicin kuɗin sari zuwa 340.

Mataki na farko: a nemo takardar asali kafin a karɓi komai

Kafin a sauke kwali, a buɗe takardar cinikin a duba abu uku: kayan nan su ne aka sayar, nawa aka sayar, kuma nawa aka riga aka dawo da su a kanta. Na ukun shi ake yawan mantawa. In an sayar da 40, aka dawo da 10 yau, abin da ya rage da za a iya dawowa da shi nan gaba 30 ne. Wurin da ba ya riƙe wannan lissafin, wata rana zai karɓi 45 a kan takardar da ta fitar da 40, ya biya kuɗin kayan da wani dila ya sayar. Kayan da ke da lambar jiki ko lambar rukuni, a gwada lambar da ta cikin takarda.

Daga nan sai a ba wa dawowar lambarta ta kanta. Wannan lambar za ta bi takardar sito, ta bi takardar rage bashi, ta bi biyan kuɗi in an yi. Ita ce za ta ba ka damar haɗa su daga baya ba tare da ka tsaya tambayar wa ya tuna me ba.

Mataki na biyu: a ƙirga, a duba, kar a mayar kan kanta tukuna

Mai kula da sito ya ƙirga a gaban wanda ya kawo, ya rubuta takardar karɓar kayan da aka dawo da su: lambar kaya, adadi, ranar karɓa, dalilin dawowa, da halin da ya same su. Adadin da ya ƙirga da hannunsa shi ake rubutawa. In kwastoma ya ce goma ce amma tara aka gani a kwali, tara za a rubuta, su biyun su sa hannu.

Kayan su shiga wani keɓaɓɓen wuri na jiran bincike, a zahiri da kuma a manhajar lissafi in ana amfani da ita. Dalili kuwa, daga lokacin da ka karɓe su sun zama hajarka, dole su bayyana a littafi, amma ba a tabbatar za su sayu ba. In ka zuba su kai tsaye cikin kayan sayarwa, manhaja za ta nuna wa mai sayarwa cewa akwai fitila 10 a ƙasa, ya yi wa wani alkawarinsu, a je ɗauko su a tarar huɗu ba sa aiki.

A misalinmu an gwada fitilun goma. Shida lafiyarsu lau, kwalinsu ma bai yage ba, mai shagon dai ya ga sun yi masa yawa. Uku ba sa kama caji, matsala ce daga masana'anta. Ɗaya kuma gilashinta ya fashe, dila ya yarda a motarsa ta fashe wajen kai kayan, don haka asararsa ce. Ka ga kwali ɗaya ya rabu gida uku, kowane kashi da hanyar da zai bi.

Mataki na uku: takardar rage bashi

Ita ce masu lissafi ke kira kiredit not. Aikinta ta soke wani yanki na takardar ciniki ba tare da an taɓa ta asalin ba. Wannan yana da muhimmanci, domin mutane da yawa sukan ga ya fi sauƙi su buɗe tsohuwar takarda su mai da 40 ta koma 30. Kar a yi haka. Kwastoma yana riƙe da kwafin da ke cewa 40, sito ya rubuta fitar 40, kuma wataƙila an riga an kai wa hukumar haraji lissafin watan da 40 a ciki. In ka gyara ta baya, ka raba littafinka da duk waɗannan, kuma babu wata shaida da za ta nuna kaya sun taɓa dawowa. Takardar da ta riga ta fita a bar ta yadda take, a rubuta sabuwa mai lambarta da ranarta, wadda ta ambaci lambar ta asalin.

Lissafinta: fitila 10 a kan 450 ya ba da 4,500. Haraji kashi 10 cikin ɗari, 450. Jimilla 4,950.

A nan ake tuntuɓe. Wanda ya buga lambar kaya a sabuwar takarda ba tare da ya jawo ta daga ta asali ba, manhaja za ta kawo masa farashin yau, 550. Sai takardar ta tashi 5,500 kafin haraji, an yi wa kwastoma kyautar 1,000 ba da niyya ba. Wanda ya tuna tsohon farashi amma ya manta ragin, zai sa 500, ya yi asarar 500. Harajin ma haka yake: in an sauya kason haraji tsakanin ranar ciniki da ranar dawowa, abin da aka caza a takardar asali shi ake warwarewa. Ƙasashe sun bambanta kan abin da dole ya kasance a jikin takardar da wa'adin fitar da ita, saboda haka a duba dokar harajin inda ake kasuwancin.

A littafi, 4,500 yana shiga asusun kayan da aka dawo da su ta ɓangaren debit, 450 yana rage harajin da hukuma ke bin ka, shi ma debit, sannan 4,950 yana shiga asusun kwastoma ta ɓangaren kiredit. Ni na fi son a buɗe wa kayan da aka dawo da su asusu daban maimakon a cire kai tsaye daga asusun ciniki. Ribar da za ta fito ɗaya ce, amma wanda ya ware yana iya gani a ƙarshen wata cewa dawo da kaya na ƙaruwa, ya kuma gane wace haja ce ke jawo hakan.

In akwai kuɗin da ake cirewa saboda wahalar mayar da kaya sito, ko kuɗin mota da ba a mayarwa, a rubuta shi a layinsa daban. Kar a ɓoye shi ta hanyar rage farashin fitila, domin nan gaba mai duba littafi zai ga 430 inda ya kamata ya ga 450, ya rasa dalili.

Akwai kuma takardar rage bashi da ba ta da kaya a bayanta. Misali an yi kuskuren farashi, ko kwastoma ya ce zai riƙe kayan da suka ɗan lahanta in an rage masa wani abu. Irin wannan kuɗi kawai take taɓawa. In aka rubuta ta da lambar kaya da adadi a manhajar da ke haɗe da sito, manhajar za ta ƙara kayan da ba su dawo ba, sai ranar ƙirga a ga giɓi a fara zargin mai kula da sito.

Mataki na huɗu: mayar da kayan cikin lissafin sito

Lokacin da fitilu 40 suka fita, an cire 12,000 daga darajar sito an kai asusun kuɗin sarin kayan da aka sayar. Yanzu goma sun dawo, sai a warware rabonsu: 10 sau 300, wato 3,000. Darajar sito ta ƙaru da 3,000, kuɗin sarin kayan da aka sayar ya ragu da 3,000.

Me ya sa 300 ba 340 ba? Saboda abin da ake warwarewa shi ne abin da aka rubuta a da. In ka mayar da su a kan 340, ka cire 3,400 daga asusun da 3,000 kawai ka sa masa a kan waɗannan fitilun. Ragowar 400 ɗin za ta bayyana a matsayin riba, alhali ba a sayar da komai ba, kaya ne suka fita suka dawo. A fitila goma abin bai taka kara ya karya ba, amma a wurin da ake dawo da kaya kullum kuma farashi na ta hawa, yana taruwa har ya ruɗi mai kasuwancin. Wasu manhajoji sukan ɗauki kuɗin sarin ranar idan ba a haɗa dawowar da takardar asali ba, don haka a gwada da dawowa ɗaya a duba abin da ta rubuta.

Shidan masu lafiya suna barin wurin jira su koma cikin kayan sayarwa, darajarsu 1,800. A ce akwai fitila 50 a kanta a kan 340, wato 17,000. In aka ƙara shidan sun zama 56, darajarsu 18,800, matsakaicin kuɗin sari ya sauko zuwa kusan 335.71. Wannan saukowar daidai ce, ba kuskure ba ne, domin kayan da aka saro da araha sun gauraya da masu tsada.

Wadda ta fashe, a cire ta daga sito da takardar lalacewar kaya mai sa hannun wani babba, a kai 300 ɗinta asusun asarar kaya. Wani zai ce tunda jefar da ita za a yi, me ya sa za a wahala shigar da ita sannan a fitar? Amsar ita ce adadi. Takardar rage bashi ta ce goma, takardar sito ma dole ta ce goma, sannan a ga inda kowace ta tafi. In ta ɓace a tsakani ba tare da takarda ba, to babu bambanci a littafi tsakanin fitilar da ta fashe da wadda wani ya sa a jaka ya tafi gida da ita. In kuwa kayan za su iya sayuwa da rangwame, ƙa'idar lissafin haja ta duniya, IAS 2, ta ce a rubuta su a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin sari da abin da za a samu in an sayar bayan cire ɗawainiyar sayarwa. Da fitilar za ta kawo 100, sai a bar ta a sito a kan 100, a kai 200 asara.

Ukun da ba sa kama caji za su koma wurin wanda aka saro su. Darajarsu 900. Suna zama a wurin jira har ranar da suka fita, a rubuta musu takardar fita, a aika da takardar neman ragi. Bashin da yake bin ka zai ragu ne da abin da ya amince da shi a tasa takardar rage bashin, kuma harajin da ka riga ka cire a kan sarin kayan shi ma sai an warware rabonsa. In ya ƙi karɓa, ko ya amince da ƙasa da 900, bambancin asararka ce, a rubuta ta a lokacin. Kar a bar shi rataye a asusunsa shekara da shekaru ana cewa ana jira.

Mataki na biyar: kuɗi zai fita ko ba zai fita ba

Takardar rage bashi ba kuɗi ba ce, kuma ba kowace ke jawo biya ba. Sai an duba asusun kwastoma tukuna. A ce mai shagon ya biya 12,000 daga cikin 19,800, saura 7,800. An cire masa 4,950, yanzu 2,850 ake bin sa. Ko sisi ba zai fita daga aljihun dila ba. Abin da ake bukata kawai a jingina takardar rage bashin da takardar cinikin a cikin asusu, don kada su zauna daban-daban, ɗaya na cewa ana bin sa 7,800, ɗaya na cewa yana bin mu 4,950.

In kuwa ya riga ya biya duka, to shi ke bin ka 4,950. Zaɓi biyu ne: a bar masa a asusu ya ci kaya da shi nan gaba, ko a mayar masa. Ɗaya za a yi, kuma a rubuta wanne aka zaɓa. Kuskuren da ya fi cin kuɗi a duk wannan aikin shi ne kashiya ta mayar da kuɗin, amma ba a rufe takardar rage bashin ba. Bayan wata biyu kwastoma ya zo sari, wani ma'aikacin ya ga yana da 4,950 a asusu, ya cire masa. An biya shi sau biyu ke nan, kuma shi kansa wataƙila bai lura ba.

Mayar da kuɗi a littafi layi biyu ne kacal: debit a asusun kwastoma, kiredit a asusun banki ko na akwatin kuɗi. Bai shafi asusun ciniki ba. Wanda ya sake rubuta shi a matsayin ragin ciniki ya rage cinikin sau biyu, asusun kwastoman kuma zai ci gaba da nuna yana bin ku.

Kuɗi ya koma ta hanyar da ya shigo. Wanda ya biya da kati a mayar masa kan katin, wanda ya turo ta banki a tura wa asusun da ya turo. Wannan yana toshe ƙofar wanda zai sayi kaya da katin sata ya dawo da su ya karɓi tsaba. Game da kati akwai abu biyu na lura. Kamfanin da ke sarrafa biyan yakan cire abin da aka mayar daga cinikin ranar ya turo ragowar, saboda haka ba za ka ga 4,950 tsaye shi kaɗai a takardar banki ba, sai ka buɗe rahoton kamfanin. Na biyu, in kwastoma ya riga ya kai ƙara bankinsa don a janyo masa kuɗin, kar ka mayar masa ta gefe kafin a warware ƙarar, in ba haka ba kuɗin zai fita ta hanya biyu.

Kuma wanda ya karɓi kaya, da wanda ya amince da takardar rage bashi, da wanda ya fitar da kuɗi, kada su zama mutum ɗaya. Inda ma'aikata ba su da yawa, mai kasuwancin ya riƙe amincewar a hannunsa. Dawowar ƙarya, wato a rubuta kaya sun dawo alhali ba su dawo ba a kwashe kuɗin, tsohuwar hanyar sata ce, kuma ba ta yiwuwa sai inda hannu ɗaya ke yin komai.

Musanya ba ta bukatar dogon bayani: a ɗauke ta a matsayin dawowa da sabon ciniki, ko da farashin ɗaya ne kuma babu kuɗin da ya motsa. In aka miƙa wannan aka karɓi wancan ba takarda, jimillar kuɗi za ta yi daidai, amma haja ɗaya za ta yi rara ɗaya ta yi giɓi.

Ƙarshen wata: yadda za ka gane an yi daidai

Fara da gwajin riba a kan cinikin. An sayar da 40, goma sun dawo, saura 30. Ciniki ya koma 13,500, kuɗin sari 9,000, riba 4,500, wato 150 a kan kowace fitila kamar yadda take tun farko. In aka cire asarar wadda ta fashe, 4,200. In ribar kowace fitila ta sauya bayan dawowa, to an sa farashin da ba shi ba a ɗaya daga ɓangarorin biyu.

Sai a jera takardun karɓar sito gefe guda, takardun rage bashi gefe guda, a haɗa su ta lambar dawowa. Takardar sito da ba ta da abokiya na nufin kaya sun shigo ba a rage wa kwastoma ba. Takardar rage bashi mai ɗauke da adadin kaya wadda ba ta da ta sito kuwa, a tashi a je a ga kayan da ido. A duba kuma kwastomomin da asusunsu ke nuna suna bin ku, da kayan da suka daɗe a wurin jira, sannan a gwada jimillar darajar da ke littafin sito da asusun haja na babban littafi.

Ranar rubutu ita ma tana da tarko. A ce fitilun sun iso ranar 30 ga wata, sito ya shigar da su, amma ba a fitar da takardar rage bashi ba sai 3 ga wata mai zuwa. A watan farko kuɗin sari ya ragu da 3,000 alhali ciniki bai ragu ba, sai ribar watan ta kumbura da 4,500 fiye da gaskiya, wata na biyu kuma ya ɗauki nauyin. Maganinsa a fitar da takardun biyu a wata ɗaya, in kuma bincike bai ƙare ba, akanta ya yi tanadin 4,500 ɗin a watan da kayan suka shigo, ya warware shi ranar da takardar ta fita.

Kamfanonin da ke bin ƙa'idar lissafin kuɗin ciniki ta duniya, IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, suna wuce nan ma. In suna sayarwa da sharaɗin ana iya dawowa, ba sa jiran kaya su iso. Tun a ƙarshen lokacin lissafi sukan ƙiyasta abin da zai dawo bisa abin da suka saba gani, su cire shi daga ciniki su rubuta shi a matsayin bashin mayar da kuɗi, su kuma rubuta haƙƙinsu na karɓo kayan a matsayin kadara, a kan kuɗin sari bayan cire ɗawainiyar karɓowa da raguwar daraja. Da dilan misalinmu yana bin wannan tsarin, ranar da fitilun goma suka iso, 4,500 ɗin daga wancan tanadin za a cire shi, 3,000 ɗin kuma ya tashi daga kadarar ya koma asusun haja.